Jar Lambar Baba

Shekarar da na shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare Baba ya sayi babur. Gyaɗa ta yi kyau a daminar, Inna kuma ta sayar da bijimin da ta shekara biyu tana kiwo, aka haɗa aka je Kano aka ɗauko shi sabo fil. Kafin nan, da an gama girbi Baba yake ɗaure kayansa ya tafi ci-rani kudu, ba ma sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Babur ɗin shi ne zai zaunar da shi a gida. Zai riƙa acaɓa daga Gafasa zuwa Ajingi, ranar kasuwa kuma har Gaya, ya dawo ya ci tuwo tare da mu.

Shugaban 'yan acaɓan tasharmu ya gaya masa ba za su ba shi rigar ƙungiya ba sai ya yi rajista ya ɗaura lamba. Kuma lambar ja za ta zama. Mai shuɗin rubutu ta masu hawan gida ce, mai jan rubutu ita ce ta haya. Baba yana karanta ajami, yana gane lissafi, amma takardar boko sai dai ya juya ta ya miƙa wa wani. Ofis kuwa tsoronsa yake ji. Ko asibiti ya je, sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa.

A nan Baffan Gaya ya shigo maganar. Ɗan kawun Baba ne, taubashinsa, mu yara muna kiransa Baffan Gaya don a can yake zaune. An ce ya taɓa yin masinja a sakatariya, ba wanda ya san abin da ya raba shi da aikin. Tun daga nan ya mayar da gindin darbejiyar da ke gaban ofishin lasin wurin zamansa. Kullum da jakar hannu baƙa wadda zif ɗinta ya mutu, ya ɗaure ta da kyauron taya. A aljihun gabansa biro uku. Na taɓa aron ɗaya zan yi aikin gida, bai yi rubutu ba, na gwada na biyu, shi ma haka. Agogon hannunsa kullum ƙarfe huɗu da kwata yake nunawa, amma in ana magana sai ya riƙa dubawa yana tsaki, kamar ana jiransa a wani wuri.

Ya zo gidanmu ranar da ya ji labarin babur, ya zagaya shi sau biyu, ya daki tayar baya da ƙafa.

"To, bawana ya yi arziki," in ji shi. "Yanzu kai da wannan kan naka kamar tulu za ka shiga ofishin lasin? Ai kafin ka gama sallama sun sayar da kai."

Baba ya yi dariya. "Ka ji ɗan banza. Wa ya ce maka ni bawanka ne? Kakarka ma a gidanmu ta yi daka."

Baffa ya ce, "Kawo rasiɗin saye, da hotonka biyu, da katin ɗan ƙasa. Oga na ciki yarona ne, ni na nuna masa inda ake buga hatimi."

Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗaki, ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Malam, da dai ka bi shi ka ga wurin da idonka."

"Ke kuma Amarya," in ji Baffa, wanda shekara goma sha biyar yana kiranta Amarya, "in ya bi ni wa zai tsare miki gida? Aikin maza ne wannan."

Baba ya ba shi takardun, ya ba shi abin da ya ce ana biya. Baffa ya kwafi lambar inji da lambar jikin babur a bayan kwalin ashana da biron Baba, don nasa sun ƙi. Bayan mako uku ya dawo da lamba a naɗe cikin jarida, rubutunta ja wur, tana ƙyalli, da takardu a cikin leda. Na tuna wani wari da ya tashi lokacin da ya buɗe jaridar, irin warin ajinmu ranar da aka yi wa ƙofofi fenti. Na ɗauka haka sabuwar lamba take wari.

Baba ya samu rigar ƙungiya, ya fara aiki. Ranin nan bai je ko'ina ba. Da safe ya sauke ni a makaranta, ya wuce tasha. Da yamma ya shigo da rake ko ƙosai a leda. Inna har ƙiba ta yi.

Ni ce babba a ɗakinmu, don haka wankin babur ranar Juma'a da safe nawa ne. Ina son aikin saboda ba ya buƙatar magana. Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa, sai in sunkuyar da kai in bar wata ta faɗa ba daidai ba. Amma ina kallo. Wajen wata na takwas, ina goge lambar da tsumma, na ga jan da ke gefen harafin farko ya ɗan ɓare, kamar yadda lalle yake barin farce. A ƙarƙashinsa akwai shuɗi. Na sa farcena na ɗan kankara, shuɗin ya ƙaru. Na yi sauri na shafa masa laka, na ci gaba da wanki.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina wataƙila haka ake yin su, a fara shuɗi sannan a ɗora ja.

Shekara tana cika sai ga Baffa da jakarsa da sukundireba.

"Lamba ta mutu, bawana. Kwance ta in kai a sabunta."

"Har ƙarfen ake kaiwa?" Baba ya tambaya.

"To da me za a kai, hularka? Sabunta lamba aka ce. Ka ga yadda ta koɗe? Gwamnati ba ta son koɗaɗɗiyar lamba a titi. Sai an sa ta a na'ura."

Kowa a tasha yana cewa zai je sabunta lamba, Baba ya sha ji. Bai taɓa tambayar yadda ake yi ba, don kada a ce bai sani ba. Ya tsuguna ya kwance ta da hannunsa. Kwana biyu babur yana jingine a zaure, don ba ya fita babu lamba, ɗaya daga cikin kwanakin ma ranar kasuwar Ajingi ce. A rana ta uku Baffa ya dawo da ita tana ƙyalli, da warin nan, da sababbin takardu. Ya zauna ya cinye kwanon ɗanwake, ya ce mai ya yi kaɗan, ya nemi kuɗin mota.

Haka aka yi a shekara ta biyu ma. A wannan karon ina aji uku, na iya karatu sosai. Baba ya ba ni takardun in sa masa a akwati, na tsaya a ɗaki na buɗe. A ta farko, inda aka rubuta irin amfanin da za a yi da babur, akwai kalmar Turanci da muka koya a aji, wadda take nufin na kai, ba na haya ba. Na jera takardun lasin guda uku a kan gado. Lambar rasiɗinsu ɗaya ce. Akwai wani ɗigon tawada a kusurwar ta farko, yana nan a ta biyu, yana nan a ta uku, wuri ɗaya. Shekarar kawai aka canza, ita ma ta ɗan karkace kamar an manna ta.

Na fito da niyyar in gaya wa Baba. Na tarar da su a zaure, Baffa yana ba da labarin yadda ya daka wa wani babban jami'i tsawa, maza huɗu suna ta gyaɗa kai suna cewa, "Ai kai ne maganinsu." Ɗaya har yana roƙonsa ya karɓi takardun ɗansa. Na tsaya a bakin ƙofa da butar da na fake da ita. Baffa ya dube ni ya ce, "'Yar boko, an iya rubuta suna kuwa?" Suka yi dariya. Na ajiye butar na koma ciki. Har yau in na tuna tsayuwar nan ina jin haushin kaina, amma bai kai haushin mazan nan huɗu ba, masu gemu, waɗanda ba wanda ya taɓa tambayarsa dalilin da ya sa mai yaro a cikin ofis yake wuni a gindin bishiya.

Abin ya fashe bayan girbin shekara ta uku, ranar kasuwar Gaya. Wajen la'asar Baba ya shigo gida a ƙafa, rigar ƙungiya a hannu. Ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba.

"Ina babur ɗin?" in ji Inna.

"Sun karɓe."

Masu duba takardun abin hawa ne, masu fararen kaya, suka tare hanya a shigar gari. A ƙauye in an tsayar da mutum launin lamba ake kallo, a ga leda da takarda a ciki, a ce ya wuce. Waɗannan kuwa da waya suka zo. Ɗaya ya danna lambar Baba a ciki, ya dubi wayar, ya dubi lambar, ya zaro makulli ya kankare harafi ɗaya a gaban fasinjan Baba da mutanen kasuwa. Aka ɗora babur a mota. Suka ba shi wata 'yar takarda, suka ce ya zo ofis da safe, kuma ya sani canza launin lamba laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa.

Baba ya kira wayar Baffa sau shida. Tana shiga, ba a ɗauka.

Inna ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dubi buhun da Baba yake zuba kayan ci-rani, wanda yake rataye a bango shekara uku, ta kawar da kai. A nan na buɗe baki. Na faɗi shuɗin da na gani, na faɗi kalmar, na faɗi ɗigon tawada. Baba ya daɗe yana kallona.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun bara, Baba. Shuɗin kuma tun ina aji ɗaya."

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, "Gobe ba za ki makaranta ba. Ki sa hijabinki mai kyau."

Muka hau motar haya daga Ajingi. Da muka isa Gaya, tun daga nesa na hango Baffa a kan bencinsa yana cin gyaɗa, yana yi wa wani saurayi mai sabuwar adaidaita bayani da hannu. Yana ganinmu ya miƙe, ya ɗauki butar wani, ya zagaya bayan gini. Ƙarfe tara na safe ne. Ban san wace sallar farilla ake yi wa alwala a lokacin ba.

Babur ɗinmu yana cikin harabar ofishin masu fararen kaya, a jere da wasu, ƙura ta rufe shi. Aka shigar da mu wurin babbansu, wani mai furfura da tabarau a kan hanci. Akwai wasu jami'ai biyu a ɗakin, da wata mata a gaban kwamfuta. Baba ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Tashi ka zauna, Malam, nan ba fada ba ce," in ji mai furfurar. Ya baza takardunmu a tebur. "Wannan ta farko gaskiya ce. An yi wa babur rajista da sunanka, amma na hawan gida. Ba a biya na haya ba, ba takardar izinin ɗaukar fasinja. Lasin ɗinka da inshora sun mutu shekara biyu da suka wuce. Waɗannan biyun kuwa hoton ta farko ne aka canza wa shekara. Wa ya shafa wa lamba fenti?"

"Ranka ya daɗe, wallahi ban taɓa shafa mata komai ba. Yadda ake sabunto ta haka nake ɗaurawa."

"Ake sabunto me?"

"Lambar. Duk shekara ina kwancewa in bayar a kawo nan a sa ta a na'ura. Ban taɓa tsallake shekara ba, ranka ya daɗe. Kwana biyu nake yi ba na fita."

Sai matar kwamfuta ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ɗaya jami'in ya fashe da dariya har yana dukan tebur, ya leƙa waje ya kira wani. "Zo ka ji, wai kwance lamba yake a kai ta wanki duk shekara!"

Na kalli ƙafafun Baba a kan siminti. Babban yatsansa yana ta motsi. Mutumin da yake noma buhu arba'in da hannunsa, yana zaune yana murmushin da ba na murna ba, don bai san abin da ya faɗa ba daidai ba.

Mai furfurar bai yi dariya sosai ba. Ya cire tabarau ya goge ido. "Malam, ƙarfen nan ba ya mutuwa. Sau ɗaya ake ba ka, yana nan a jikin babur har ya tsufa. In ka ji an ce sabunta lamba, takardunta ake nufi. Lasin, inshora, takardar lafiyar babur, da izinin haya. Ka zo da tsofaffin, ka biya, a ba ka sababbi. Ko sukundireba ba a taɓawa." Ya juyo gare ni. "'Yarka ce? Ke, kina karatu?"

"Ina yi," na ce, da ƙyar.

"Karanta masa nan."

Na karanta, na fassara masa, kalma bayan kalma, da ranar da lasin ya mutu. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban baƙi ba.

"Wa kake ba wa?" ya sake tambayar Baba.

Baba ya sunkuyar da kai. "Wani ɗan'uwa ne."

"Mai baƙar jaka da kyauro?" in ji matar kwamfuta. Ta ce, "Allah ya shirya," ta ci gaba da danne-dannenta.

Mai furfurar ya ce ya shekara da yawa a aikin nan, ya ga masu fentin lamba iri-iri, kuma ba wanda ya yi da hannunsa da zai zauna ya ba da wannan labarin. Ba zai kai Baba kotu ba. Amma tara tana nan, don ya ɗauki fasinja da lambar gida da matattun takardu. Kuma babur ba zai fita ba sai ya je ofishin lasin an mayar da rajistar ta haya, an karɓi wannan lambar, an nema masa ja ta gaskiya. Wato dariyar da aka yi wa Baba ita ce ta cece shi. Na gode wa Allah, amma ban ji daɗin hanyar ba.

Ofishin lasin yana kusa. Ɗaki ne da taga, da layin mutum biyar. A jikin bango an manna takarda mai jerin abin da ake biya na kowane irin abin hawa, a fili, kowa yana iya karantawa. Na karanta wa Baba. Ya sa na maimaita na babur ɗin haya. Sai ya ce in sake karantawa. Wurin da ya shekara uku yana tsoro ke nan, taga ɗaya da wani mutum mai mura yana cewa, "Na gaba."

Abin da za a biya ya fi abin da ke aljihunsa. Muka koma gida. Buhunan gyaɗa biyu da aka ware don iri da cefanen rani suka tafi kasuwa.

Kafin mu koma Gaya, maganar ta zaga dangi. Yayar Baba ta zo daga Kademi, ta zauna a tsakar gida ta ce a rufa asiri, abu ne na zumunci, kuma tsakanin taubasai ai ba a rasa irin wannan. Inna ta ce, "Yaya, wasan taubashi na sani a ɓoye maka takalmi ranar biki. Ban san ana yinsa da abincin yara ba." Yayar ta ce Inna bare ce, ba za ta gane ba. Shi kuwa Baffa aike ya yi, wai yaran cikin ofis ne suka cuce shi, shi ma bai sani ba, kuma yana nan yana bincike.

Kwana tara babur ya yi a tsare. Ranar da muka koma da kuɗin, Baffa yana kan bencinsa, wannan karon bai gudu ba. Ya taso da fara'a, hannu a miƙe.

"Bawana! Ai da ka kira ni tun ranar, da ko awa ɗaya ba zai yi a hannunsu ba. Kawo takardun in shiga maka da su, layin nan ba naka ba ne."

A bakin hannun rigarsa ta dama akwai wani ɗan tabo ja da wanki bai fitar ba. Na kalle shi, ya ga ina kallo, ya naɗe hannun rigar.

Baba bai mayar masa da wasan ba. Bai zage shi ba kuma. Ya ce, "Sannu, Malam," kamar yadda ake gaida wanda aka haɗu da shi a mota, ya zaro ledar takardun daga aljihu ya miƙo mini. Muka wuce shi muka shiga layi. Ina jin sa a bayanmu yana gaya wa masu zaman benci cewa mutanen ƙauye ba su san alheri ba.

Aka cike takarda, ni na rubuta, Baba ya sa hannu da ajami. Muka je muka biya, muka kawo shaida. Mai mura ya ce sabuwar lambar daga Kano za ta zo, sai an ɗan jira, amma ya ba mu takardun da ke nuna lambar da aka ba babur ɗin da ranar da komai zai ƙare baɗi. Na duba kalmar da ke wurin amfani sau biyu kafin mu bar tagar. Muka kai wa mai furfura, ya duba, ya sa aka buɗe ƙofar haraba. Ya ce a kai babur gida a ajiye, kada a ɗauki fasinja sai lamba ta hau.

Babur ya ƙi tashi, sai da Baba ya tura shi har bakin titi. Da ya kama, Baba ya ce in hau. Muna fita daga gari ya ɗan juyo ya ce in riƙe ledar da kyau, kuma in mun isa in rubuta ranar nan ta baɗi a bangon ɗaki da manyan baƙi, inda zai riƙa gani. Lambar ta iso bayan mako biyu da kwana uku. Ranin nan ma a gida ya yi shi.